Gaisuwar Fulatanci a teburin kati: me zan ce in ba na jin yaren?

Maman Haidar: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman taimako. Ni 'yar Zariya ce aure ya kawo ni Yola, yanzu an tura ni wani ƙaramin asibiti a wajen gari ta hanyar Fufore, ni ce a teburin farko inda ake yankar kati da auna zafin jiki. Ranar kasuwa matan ruga suna cika wurin, da yawansu musamman tsofaffin ba sa jin Hausa sai kaɗan, ni kuma Fulatancina bai wuce jam ba. Sai ka ga mace ta shigo da yaro a goye ta tsaya can bakin ƙofa tana kallon ƙasa, in na ce sannu da zuwa ta ce sannu shi ke nan, ba ta matso ba ba ta zauna ba, wlh abin yana damuna. So nake in iya gaishe su da yarensu kuma su gane cewa don su nake zaune a wurin, ba wai sun zo sun takura min ba. Me ya kamata in haddace kuma ta yaya zan fara?

Abba Mai Waya: Wa alaikumus salam. Anti ai abu mai sauƙi ne ki ce jam bandu na kawai, ko ina a ƙasar Fulani shi ne gaisuwa, da kin faɗa za ki ga sun saki jiki

Goggo Asta: Abba kana kusa amma ba haka kawai ba ne. Jam ɓandu na tambayar lafiyar jiki ce, ana yinta a tsakiyar gaisuwa, kuma ka duba inda take aiki, wadda ta taso tun asuba daga ruga da yaro ba lafiya ai amsar tana nan a bayanta a goye. Maman Haidar ƙanwata ni a Girei na tashi kuma na yi aikin unguwar zoma har na yi ritaya, bari in gaya miki abin da zai ishe ki a farko.

Da safe ki ce a waali jam, wato kin kwana lafiya. In rana ta yi a nyalli jam, da yamma a hiiri jam. Amsar duka jam ce, wasu su ce jam koo ɗume, wasu jam ni. Amma in tsohuwa ce ko dattijo ko sun fi mutum ɗaya, kar ki ce a waali, ki ce on mbaali jam, kamar yadda a Zariya ba za ki ce wa surukarki kin kwana lafiya ba sai dai kun kwana lafiya. Wannan ɗin ki riƙe shi da kyau don shi suke fara ji, ko lafazinki ya karkace in kin ba su girman nan za su yafe sauran.

Daga nan jaɓɓaama, sannu da zuwa ke nan. Sai ki ce njooɗee kina nuna benci da tafin hannu a buɗe, ba da ɗan yatsa ba. Wadda kika ce tana tsayawa a bakin ƙofa ba tsoronki take ji ba, jira take a ba ta wuri, a tarbiyyarsu mace ba ta faɗa wa kujera a wurin da ba nata ba sai an ce ta zauna. In kin ga jikin yaron ki ce Allah hoynu, Allah ya sawwaƙe ke nan.

Maman Haidar: Goggo Allah ya saka da alheri, ina rubutawa a bayan littafin rajista. To zancen taimakon fa, ya zan ce me zan miki ko bari in taimake ki?

Goggo Asta: Mi walle, in taimake ki. In da yawa ne mi walla on. Amma kafin shi akwai wanda ya fi shi muhimmanci, ina zuwa bari in sallami baƙi

Sadiq Garwa: Mu nan Garwa mi walla ma muke cewa, haka za ki ji a kasuwa da tasha da asibiti. Na san dattawa suna cewa namu Fulatancin kasuwa ne amma kowa yana fahimta, har Marwa da Ngaundare. Kuma Fufore ai kusa da mu ne, ba mamaki wasu matan ma daga wannan ɓangaren suke tsallakowa.

Ummi Bichi: Ni fa ban ga amfanin wahalar ba gsky. Wace Bafulatana ce a Arewa ba ta jin Hausa? ai da Hausa suke sayar mana da nono. Wani lokacin ƙin yi ne kawai. Ki yi musu Hausarki a hankali za su ji.

Goggo Asta: Ummi ke Fulanin Kano kika sani, Adamawa daban ce. A ƙauyukan nan Fulatanci shi ne yaren kasuwa, har waɗanda ba Fulani ba da shi suke ciniki, to tsohuwar da ke can cikin daji me zai sa ta koyi Hausa. Kuma ko wadda ke tallar nono, Hausar nawa ne da ƙaro min ta sani, ba ta san yadda za ta ce yaro yana sanƙarewa da dare ba.

To na dawo kan abin da na ce ya fi muhimmanci. Maman Haidar da kin gama gaisuwar, kafin ta buɗe baki, ki ce mi nanataa Fulfulde sey seɗɗa, wato ba na jin Fulatanci sai kaɗan. Kar ki bari sai daga baya. Dalili kuwa in gaisuwarki ta fito da kyau za ta ɗauka ke tasu ce, sai ta sauke numfashi ta zubo miki duka labarin, yaushe ciwon ya fara, me aka jiƙa aka ba shi, sau nawa ya yi amai, ke kuma kunya ta hana ki katse ta sai ki dinga gyaɗa kai. Ita a wajenta ta riga ta gaya wa ma'aikaciyar asibiti komai kuma an gyaɗa mata kai. In ta shiga wajen mai duba marasa lafiya aka tambaye ta ba za ta maimaita duka ba, don ta ɗauka an riga an sani. Na ga irin wannan da idona, uwa ta faɗi a waje cewa yaron ya yi jijjiga da dare, wadda ta gaya wa ba ta ji ba ta ce to to, a ciki kuma ba ta sake faɗa ba, aka kusa sallamarsu da maganin zazzaɓi na sha alhali yaron na kwanciya ne ko turawa babban asibiti. Allah ya sa mai shara ta ji maganar a waje ita ta je ta faɗa.

Don haka gyaɗa kai a kan abin da ba ki ji ba ki daina shi gaba ɗaya. Ki ce mi nanaay, ban ji ba. Sai munyu seɗɗa, yi haƙuri kaɗan, sai mi ɗon wara, ina zuwa, ki tashi tana kallonki ki je ki kira mai jin yaren. Tashin nan da kika yi daga kujera shi ne zai nuna mata kin ɗauki lamarinta da muhimmanci, ya fi mi walle ko mi walla ma ɗin da muke ta magana a kai.

Maman Haidar: Subhanallah. Wannan ya tsorata ni gsky, ban taɓa kawo shi a raina ba

Nura Sabo: Abin da Goggo ta faɗa haka yake ko a kudu. Ni a Sabon Ibadan nake, shagon gyaran waya. In tsohuwa Bayarabiya ta shigo ina cewa e kaaro ma, in miƙa mata kujera in ce e jokoo, nan take sai in ƙara da cewa Yarabancina die die ne, wato kaɗan kaɗan, sai ta yi dariya ta rage gudu ko ta koma Turancin buroka. Kuma su ma wannan e ɗin na farko shi ne girmamawa, in ka ce kaaro kawai ga wadda ta haife ka to ka zubar da kanka. Sai dai mu in an samu rashin fahimta waya ce za ta ƙara kwana a shago, naku kuwa rai ne.

Danlami: Anti in yaren kike son iyawa sosai ki samu wata 'yar aiki Bafulatana a gida, wata shida za ki iya. Ƙanina haka ya yi da zai auri 'yar Mubi, yanzu har waƙa yake yi da shi

Maman Haidar: Malam Danlami na gode amma ba iya yaren duka nake nufi yanzu ba, wannan zai zo a hankali insha Allah. Ranar kasuwa mai zuwa nake ji, minti ɗayan farko da mace za ta shigo.

Sista Rahila: Ni Bachama ce daga Numan, ina aikin jinya kuma Fulatancina rabi ne. Ƙari ɗaya a kan na Goggo, ku kula da oho. In kin tambayi Bafulatanar Adamawa abu ta ce ooho to eh take nufi. Akwai wata abokiyar aikinmu Bahaushiya da ta tambayi uwa ko yaron yana shan nono, uwar ta ce ooho, sai ranta ya ɓaci wai ana tambayarta lafiyar ɗanta tana cewa oho kamar ba ruwanta. Sai da muka yi mata bayani. Haka kuma kay a'a ne kawai, ba tsawa take miki ba.

Sannan ni tsarin da nake bi kenan in ba ki misali da jiya. Mata biyu suka shigo, tsohuwa da yarinya da ba ta fi shekara 18 ba da yaro ɗan wata tara haka. Tsohuwar na fara gaisarwa, on mbaali jam Daada, don in ka tsallake ta ka yi wa yarinyar magana yarinyar ba za ta amsa ba, uwar mijinta ce. Na ce njooɗee, na faɗi cewa seɗɗa nake ji. Sai na nuna yaron na ce ko waɗi, me ya faru. Tsohuwar ta yi magana mai tsawo, abin da na tsinta reedu da ndiyam ne kawai, ciki da ruwa, to na san zancen gudawa ne amma ban rubuta komai ba tukuna. Na sa hannu na taɓa yaron, na duba idonsa ya faɗa, na ja fatar cikinsa ta koma a hankali. Na ce munyu seɗɗa na kira mai gadinmu tsoho, shi ya tambayar min kwana nawa, da jini ko babu, yana karɓar nono ko a'a. Kafin ya iso na riga na haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti a lita ɗaya na ba uwar kofi da cokali na nuna mata da hannu. Duka Fulatancin da na yi bai kai jimla shida ba amma da za su tafi tsohuwar ta riƙe hannuna tana useko useko, wato na gode.

Goggo Asta: Rahila kin yi daidai. Kuma abin da kika yi na taɓa yaron tun ana gaisuwa shi nake so Maman Haidar ta gani. Gaisuwar Fulani doguwa ce, noy saare, noy comri, noy ɓikkon, ya gida ya gajiya ya yara, kuma komai za a ce miki jam ko da mutum yana mutuwa, kamar dai lafiya lau ɗinmu ta Hausa. To kar jam ta ruɗe ki. Bakinki na gaisuwa idonki na kan yaron. In kin ga yana jijjiga, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai, ko ya kasa kama nono, ko duk abin da ya shiga yana dawowa, babu zancen on mbaali jam babu kati, ki ce war, zo, ki kama hannunta ku shiga ciki. Ba wanda zai ce kin yi rashin ladabi.

Ummi Bichi: To na ji na yarda Adamawa daban ce. Amma ni har yanzu ina ganin sallama ta wadatar a farko. Assalamu alaikum kowa ya sani, daga nan ki ji da wane yare ta amsa sauran. Don mu nan in ka ga mutum fari dogo ka yi masa Fulatanci wani kunya za ka ba shi, Fulanin gida da yawa ba sa ji, kakata Bafulatana ce amma babanmu ko jam bai iya ba, kuma ba ya son a tuna masa.

Sadiq Garwa: Wannan kam gaskiya ne Ummi, kar a duba fuska a yanke. Amma a wajen Fufore in mace ta shigo da ƙwarya da kitso irin na ruga kuskuren zai yi wuya

Sista Rahila: Sai dai ba duk mai zuwa asibitin ne musulmi ba, akwai ƙabilun Bata da Verre a yankin da su ma Fulatancin ne ya fi musu Hausa sauƙi. Ni sannu nake fara cewa don tana tafiya a duka yarukan biyu, sai in ga yadda aka amsa.

Goggo Asta: Ni dai a ganina ta fara da Fulatancin kai tsaye in ta ga alama, don wadda ta tsaya a ƙofa tana jin kanta baƙuwa abin da zai jawo ta shi ne ta ji yarenta tun kalmar farko. Amma ban ce naku ba daidai ba ne, ta gwada ta gani.

Maman Haidar: Zan gwada duka biyun. Wani abu kuma, wajen rubuta kati nake shan wahala, in na tambayi sunan miji sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru, wata ma sunan yaron ba za ta faɗa ba. Akwai yadda ake tambaya da ba zai zama da nauyi ba?

Goggo Asta: Ba yadda za ki juya tambayar ta faɗa, ba matsalar yare ba ce, semteende ce, kunya. Ba ta kiran sunan miji, kuma in ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, ai a Hausa ma iyayenmu haka suke. Nata sunan za ki iya tambaya, noy innde ma. Na miji da na ɗan fari ki juya ga wadda ta rako ta, kusan kullum akwai 'yar rakiya. In ita kaɗai ce ki tambayi sunan ardonsu ko rugar da suka fito ki rubuta, sauran a cike in wani ya zo. Kar ki matsa mata a gaban mutane, in kin yi duk gaisuwar da kika yi ta tashi a banza.

Abba Mai Waya: To anti me zai hana ki haddace yadda ake faɗin shan magani ma, safe da yamma kwana uku, ai 'yan kalmomi ne, sai ki huta da neman tafinta

Sista Rahila: A'a Abba, nan ne iyakar. Gaisuwa in ta karkace dariya za a yi, magani in ya karkace yaro ne zai sha wahala. Ɗauki maganin maleriya da muke bayarwa, artemether da lumefantrine, sha shida ne a kwana uku. Na farko yanzu, na biyu bayan awa 8, sai safe da yamma na kwana biyu, kuma yawan ƙwayar ya danganta da nauyin yaro, a ba shi da nono ko madara don ya fi shiga jiki, in ya amayar nan take a sake, kuma kar a tsaya don jiki ya yi sanyi a rana ta biyu. Wa zai faɗi wannan da jimla uku da ya haddace? ko ta faɗa daidai, in uwar ta yi tambaya ba za ta ji ba. Dole mai jin yaren sosai ya faɗa, sannan a sa uwar ta maimaita da bakinta ta nuna a jikin fakitin wanne za ta ɓalla yau da dare wanne gobe. In ta ce ooho kawai wannan ba shaida ba ce, kunya ma tana sa mutum ya ce eh.

Maman Haidar: To matsalar tafintan ne, mu mai jin yaren sosai namiji ne, mai ba da magani. In zancen yaro ne ba komai amma in na mata ne, jini ko ciki, sai su yi gum. Wani lokaci mijin ne ke fassarawa ko ɗanta ɗan makaranta.

Goggo Asta: Ɗanta kam a'a, musamman namiji, ba uwar da za ta faɗi wannan ta bakin ɗanta, za ta ce hoore ke ciwo, kai, a ba ta farasitamol ta koma da ciwonta. Ki nemi mace, ko cikin masu jira a benci akwai wadda ke jin duka biyun, ku koma gefe. Miji kuma ni ban cika so ba, yana taƙaitawa, ta yi magana doguwa shi ya ce wai zazzaɓi ne.

Sadiq Garwa: Goggo amma in aka fitar da mijin wani zai ji haushi ya hana ta dawowa gaba ɗaya, kuma mace daga benci ai 'yar ƙauyensu ce, gobe labarin ya zaga ruga. Ni ina ganin mijin ya fi rufin asiri.

Sista Rahila: Duka biyun na gani sun faru. Mu abin da muka yi shi ne muka roƙi shugabar asibiti ta daidaita aikin wata mai shara Bafulatana ya dinga faɗowa ranar kasuwa da ranar awo, ita ke shiga da su, kuma an ja mata kunne kan sirri. Ba kowane wuri ke da irinta ba dai.

Maman Haidar: Akwai wata dattijuwa da ke kawo mana ruwa, tana jin duka biyun, zan yi wa oga maganarta gobe ko za a dinga ba ta ɗan wani abu. Goggo dan Allah in ba damuwa ki yi min saƙon murya na on mbaali jam da njooɗee da mi nanataa ɗin nan, don a rubuce ban san inda ake ja da inda ake tsayawa ba

Goggo Asta: Zan yi miki bayan isha'i, a hankali sau biyu biyu. In kin saurara ki karanta wa dattijuwar mai ruwa ta gyara miki, don lafazin Girei da na wajen Fufore akwai ɗan bambanci kuma nata ne matan za su fi ganewa.